Yadda ake mayar da latitud da longitud daga digiri, minti, sakan zuwa disimal a cikin Excel ko Google Sheets

Abin da ya sa nake wannan rubutun shi ne, sau da yawa mutum zai karɓi fayil mai ɗauke da wurare ɗari uku ko ɗari biyar, kowanne an rubuta shi da siffar 22°57'07"S, ya je zai ɗora a taswira manhajar ta ce ita ba ta gane wannan yaren ba, lamba ɗaya tak take so mai ɗigo, irin -22.951944. To idan wuri ɗaya ne ko biyu ai kalkuleta ma ta isa, amma ɗari biyar fa? Shi ya sa ake barin shafin lissafi ya yi aikin.

Lissafin kansa ba wani abu bane, layi ɗaya ne. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne wajen alamar ragewa da kuma ƴan ƙananan alamomin nan na digiri da minti da sakan, kuma abin haushin shi ne sau tari kuskuren baya nuna kansa, lamba za ta fito tsaf kamar daidai take alhali wurin ya tashi ya koma wata ƙasa. Don haka a nan zan fi daɗewa.

Mu fara da lissafin da hannu tukuna

Digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya kuma sakan 60 ne, wato dai kamar agogo, kenan digiri ɗaya sakan 3600 ne. Sai ka ɗauki digiri yadda yake, ka raba minti da 60, ka raba sakan da 3600, ka haɗa su duka ukun. Bayan ka gama haɗawa sannan ka duba harafin ƙarshe, idan S ne wato kudu ko W wato yamma sai ka sa alamar ragewa a gaban amsar gaba ɗaya, idan N ne ko E ka barta yadda take.

Misalin da zamu riƙe har ƙarshe wani wuri ne a birnin Rio de Janeiro, na zaɓe shi da gangan saboda yana kudu kuma yana yamma, duka lambobin biyu sai sun ɗauki alamar ragewa. Latitud ɗinsa 22°57'07"S, longitud kuma 43°12'38"W. Minti 57 a raba da 60 ya bada 0.95, sakan 7 a raba da 3600 ya bada 0.001944, a haɗa da 22 an samu 22.951944, tunda kudu ne sai ya zama -22.951944. Na longitud kuma minti 12 ya bada 0.2, sakan 38 ya bada 0.010556, jimla 43.210556, yamma ne don haka -43.210556. Ka rubuta waɗannan biyun a gefe, da su zaka gwada ko fomularka tana aiki.

Akwai wata gajeriyar hanya da na sha gani, mutum kawai ya cire alamomin ya sa ɗigo, 22°57'07" ya koma 22.5707. Wannan ba juyawa bace sam, domin 57 ɗin nan kashi 57 ne cikin 60 ba cikin 100 ba. Tsakanin 22.5707 da amsar gaskiya akwai kusan digiri 0.38, kuma tunda digiri ɗaya na latitud wajen kilomita 111 ne, kaga an kauce da kamar kilomita 42 kenan.

Idan an riga an raba lambobin kolom kolom

Wannan shi ne mai sauƙin. A ce digiri yana A2, minti B2, sakan C2, harafin shiyya kuma D2. A E2 sai ka rubuta:

```
=(A2+B2/60+C2/3600)*IF(OR(D2="S",D2="W"),-1,1)
```

Ka lura da bakan farko da ya rufe digiri da minti da sakan wuri ɗaya, shi ne zuciyar abin. Ana haɗa su tukuna sannan a ninka da -1. Idan wanda ya shigar da bayanan bai sa harafi ba, sai ya rubuta -22 a gidan digiri, kai kuma ka yi A2+B2/60+C2/3600 kai tsaye, to abin da zai faru shi ne -22 a ƙara 0.951944, amsa ta fito -21.048056. Excel bazai yi ƙorafi ba, lambar ma kyakkyawa ce a ido, amma wurin ya matsa arewa da sama da kilomita 200. Yadda zaka gane wannan kuskuren da ido, idan digirin asali 22 ne dole amsar ta fara da 22 ko da ragewa ko babu, da zarar kaga 21 to an samu matsala.

Idan duka a akwati ɗaya aka cusa su

Wannan shi ne wanda aka fi samu, kuma shi ne ainihin aikin. A2 na ɗauke da 22°57'07"S a matsayin rubutu, ba lamba ba. Shawarata kar ka yi ƙoƙarin rubuta doguwar fomula guda ɗaya da za ta yi komai, na san tana burgewa amma ranar da ta fito da #VALUE! bazaka san ta ina zaka fara nema ba. Ka raba aikin kolom kolom, kowanne da abu ɗaya da yake yi, in an gama sai ka ɓoye su.

Kafin komai ka yi kwafin shafin, ka bar na asali kar ka taɓa shi. Kuma idan latitud da longitud suna akwati ɗaya ka fara raba su, latitud kolom ɗinsa daban longitud daban.

Mataki na farko wanke rubutun ne. Alamomin nan da kake gani kamar iri ɗaya ne, a wajen kwamfuta ba ɗaya bane. Alamar digiri ta gaskiya lambarta 176, amma akwai wata mai kama da ita sosai mai lamba 186 da ake samu a kibod ɗin Sifaniyanci da Fotugis. Alamar minti wani da ta kibod yake rubutawa, wani ya kwafo daga shafin intanet mai ɗan karkacen nan mai lamba 8242, ta sakan kuma 8243. Idan rubutun ya bi ta Word kuwa zaka tarar ya lanƙwasa su sun koma 8217 da 8221. Idan kana so ka san wacce ce a fayil ɗinka, tambayi shafin da kansa:

```
=UNICODE(MID(A2,3,1))
```

Wannan yana ɗauko harafi na uku ya faɗa maka lambarsa, a misalinmu ya kamata ya bada 176. Ka canza 3 zuwa 6 ka ga ta minti, 9 ka ga ta sakan. Alamar minti ta kibod 39 ce, ta sakan 34. Duk abin da ya saɓa wa waɗannan sai an maye shi. A B2:

```
=SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(A2," ",""),UNICHAR(186),"°"),UNICHAR(8242),"'"),UNICHAR(8243),CHAR(34))
```

Daga ciki ake karanta ta zuwa waje, ta farko tana share duk wani fili da aka bari tsakanin lambobi, ta biyu tana gyara digiri, ta uku minti, ta huɗu sakan. Na yi amfani da CHAR(34) ne saboda alamar sakan ita ce kuma alamar da fomula ke amfani da ita wajen buɗe rubutu da rufewa, in ka rubuta ta kai tsaye sai ka jera guda huɗu kuma nan da nan ake ɓata lissafin su. Idan binciken da ka yi ya nuna 8217 da 8221 ne a naka sai ka sa su a madadin 8242 da 8243, in kuma fayil ɗin gauraye ne ka ƙara wasu SUBSTITUTE ɗin a kai ko ka yi amfani da Find and Replace ka gama da su sau ɗaya. Abu biyu da suke yawan ɓuya, akwai filin da ba irin na kibod ba mai lamba 160 wanda yake biyo rubutun da aka kwafo daga intanet, da kuma masu rubuta sakan da alamar minti guda biyu a jere, a ido kamar ta sakan ce amma haruffa biyu ne. Su ma haka zaka maye su. Alamar digiri kuma in ka rasa ta a kibod, a Windows ka danne Alt ka buga 0176 a lambobin gefen dama, ko kawai ka sa UNICHAR(176) a wurinta.

Mataki na biyu, yanko digiri. A C2:

```
=VALUE(LEFT(B2,FIND("°",B2)-1))
```

FIND yana gaya maka a matsayi na nawa alamar take, a nan na 3, a cire 1 ya rage 2, sai LEFT ya ɗauko haruffa biyu daga hagu wato 22, VALUE kuma ya mayar da shi lamba ta gaske da za a iya lissafi da ita. Dalilin da ya sa ba'a ce kawai a ɗauko biyun farko ba, longitud yana iya zama lamba ɗaya ko uku, kamar 2 ko 151, to alamar ce ke nuna iyaka ba ƙirge ba.

Minti a D2, sakan a E2, harafin shiyya a F2:

```
=VALUE(MID(B2,FIND("°",B2)+1,FIND("'",B2)-FIND("°",B2)-1))
=VALUE(MID(B2,FIND("'",B2)+1,FIND(CHAR(34),B2)-FIND("'",B2)-1))
=RIGHT(B2,1)
```

Kar tsayinsu ya baka tsoro, abu ɗaya suke yi. MID abu uku yake nema, rubutun, inda zai fara, da yawan haruffan da zai ɗauka. A misalinmu alamar digiri tana ta 3, ta minti tana ta 6, to a fara daga 4 a ɗauki 6 a cire 3 a cire 1, wato guda 2, an samu 57. Na sakan kuma daga 7, alamar sakan tana ta 9, shi ma guda 2, an samu 07 wanda VALUE zai mayar 7. Ko da sakan ɗin mai ɗigo ne kamar 07.25 zai ɗauko shi duka tunda tsakanin alamomi biyu yake yanka.

Sai haɗawa a G2:

```
=ROUND((ABS(C2)+D2/60+E2/3600)*IF(OR(F2="S",F2="W",LEFT(B2,1)="-"),-1,1),6)
```

Ya kamata kaga -22.951944. In ka gani, sa longitud ɗin a A3 ka ja fomulolin ƙasa, ka tabbatar -43.210556 ta fito, sannan ka ja har ƙarshen fayil.

Bari in tsaya a kan ABS da LEFT ɗin nan domin akwai dalili. ABS yana cire alamar ragewa daga digiri don kar a maimaita kuskuren -21 da muka gani, sannan a dawo da ita a ƙarshe kan jimlar duka. To me ya sa ban yi amfani da SIGN(C2) ko in ce idan C2 ya gaza sifili ba, tunda shi ne abin da yawanci ake koyarwa? Saboda wuraren da digirinsu sifili ne. Ɗauki tsakiyar birnin Landan, longitud ɗinsa wajen 0°07'39"W ne, wato -0.1275. Idan aka rubuta shi -0°07'39" ba harafi, VALUE zai karanta -0 ya mayar da shi 0 kawai, alamar ta ɓace, a wajen lissafi babu wani abu wai shi sifili mai ragewa. Mai gwada ko C2 ya gaza sifili zai samu +0.1275, wurin ya tsallaka layin Greenwich ya koma gabas, tazarar kusan kilomita 18. Mai ninkawa da SIGN kuwa nashi ya fi muni, SIGN na sifili sifili ne, amsar duka ta zama 0. Shi ya sa nake duba alamar a cikin rubutun kansa kafin ya zama lamba. Duk wurin da ke cikin digiri ɗaya kudu da ikwaita ko yamma da Greenwich wannan matsalar na jiransa, kuma a fayil mai layi ɗari biyar ƙila layi uku ne kawai abin zai shafa, waye zai lura?

Af, idan da hannu kake shigar da irin -0°07'39" a Excel zai ɗauka fomula kake son rubutawa ya ƙi karɓa, sai ka fara mayar da kolom ɗin Text tukuna.

Layukan da za su ƙi

Bayan ka ja ƙasa zaka ga wasu sun fito da #VALUE!, kuma gaskiya waɗannan su ne masu kirki tunda sun faɗa maka da bakinsu. Ka duba a wane kolom kuskuren ya fara, nan amfanin rabawar yake. In a C ya fara, ko alamar digiri ce ba daidai ba ko kuma harafin shiyya a gaba aka sa shi kamar S22°57'07", irin waɗannan ka tace su gefe ka ɗauko harafin da LEFT maimakon RIGHT, a C kuma ka tsallake harafin da =VALUE(MID(B2,2,FIND("°",B2)-2)). In a E ya fara, yawanci babu sakan ne kwata kwata. Na'urorin GPS da yawa suna nuna digiri da minti mai ɗigo, wurinmu na Rio zai fito 22°57.117'S, a nan D2 zai karanta 57.117 lafiya lau, sakan ne kawai ya kamata ya zama 0.

Mutane suna son lulluɓe fomular sakan da IFERROR a ce duk inda ta gaza a sa 0. Ni bana so, sai dai in na riga na duba layukan da idona. Domin idan gazawar daga alamar sakan ce da ba'a wanke ba, IFERROR zai haɗiye sakan ɗin shiru, kuma sakan 59 a latitud ya kai wajen kilomita 1.8. Gara ka tace masu kuskuren, ka tabbatar da gaske basu da sakan, ka rubuta musu 0 da hannu.

Wani abin kuma saitin yankin kwamfuta. A wasu saitunan waƙafi ne ke raba disimal ba ɗigo ba, a nan fomula da kanta da alamar ; ake raba sassanta maimakon waƙafi, kuma VALUE zai iya ƙin karanta 07.25. A Excel sai ka sa NUMBERVALUE a wurinsa ka gaya masa ɗigo ne mai rabawa, kamar NUMBERVALUE(rubutun;".").

Sai harafin O. Idan bayanan daga masu Faransanci ko Sifaniyanci ko Fotugis suka fito, O yamma yake nufi, amma a Jamusanci O gabas ne. Fomularmu bata san shi ba, za ta barshi ba ragewa ta wuce ba tare da ta ce uffan ba. Don haka ka sa tacewa a kolom F ka ga haruffan da ke ciki, in ka ga wani abu banda N, S, E, W ka tsaya ka bincika daga ina fayil ɗin ya zo.

Dubawa kafin ka miƙa

Ka ƙara kolom ɗaya na gadi a H2, wannan na latitud ne, na longitud sai ka canza 90 zuwa 180:

```
=IF(AND(D2<60,E2<60,ABS(G2)<=90),"OK","DUBA")
```

Minti ko sakan da ya kai 60 kuskuren shigarwa ne, latitud baya wuce 90, longitud baya wuce 180. Amma wannan gadin iyakarsa kenan, bazai kama alamar da ta ɓace ba, bazai kama wanda ya musanya latitud da longitud ba in duka biyun basu kai 90 ba. Wannan sai taswira. Ka ɗauki layi huɗu ko biyar daga wurare daban daban a fayil ɗin, ka liƙa a Google Maps latitud farko sai waƙafi sai longitud, kamar -22.951944, -43.210556, ka ga inda ya sauka. Inda ya faɗa ma yana gaya maka irin kuskuren. Da wurinmu na Rio, in duka alamomin biyu suka ɓace zaka tsinci kanka a cikin Saudiyya, in ta longitud ce kawai ta ɓace zaka faɗa ruwa kusa da gaɓar Madagaska, in ta latitud ce kana tsakiyar tekun Atlantika ta arewa, in kuma musanya su aka yi kana can Atlantika ta kudu babu ƙasa kusa. Musanyar nan tana yawan faruwa wajen ɗorawa a manhajar taswira irin QGIS da makamantansa, saboda can X suke tambaya da Y, kuma X shi ne longitud, Y latitud, akasin yadda baki ya saba jerawa.

Game da 6 ɗin da na sa a ROUND, lamba shida bayan ɗigo tana daidai da kusan santimita 11 a ƙasa, biyar kuma kusan mita ɗaya. Amma kar wannan ya ruɗe ka, idan bayanan asali a cikakken sakan suka tsaya, sakan ɗaya na latitud wajen mita 31 ne, to ingancin wurinka bai wuce haka ba ko lamba goma ka jera. Shidan dai don kar juyawar ta ƙara nata kuskuren ne. Haka kuma juyawar bata canza tsarin ma'aunin da aka ɗauki wurin da shi, in daga tsohuwar taswira aka karanto lambobin wadda ba kan WGS 84 take ba, wato tsarin da GPS ke amfani da shi, bayan lissafi ya fita daidai ma zaka iya ganin wurin ya ɗan goce, wannan gyaran a manhajar taswira ake yinsa ba a Excel ba.

Na ƙarshe wajen fitarwa. Ka kwafi kolom G ka liƙa da Paste Special ka zaɓi Values, don lambobin su tsaya da ƙafarsu ko an goge kolom ɗin taimako. Sannan kafin ka ajiye a matsayin CSV ka tabbatar akwatunan suna nuna lambobi shidan nan duka, domin Excel abin da yake nunawa a fuska shi yake rubutawa a CSV, in kolom ɗin an saita shi kan lamba biyu bayan ɗigo to -22.95 zai fita, sauran sun tafi. Ka buɗe CSV ɗin da Notepad ka duba layin farko, in kaga -22.951944 da -43.210556 cikakku sai ka tura.